Buhu nawa zan niƙa kafin in sauya wa inji abinci? Mun kasa daidaitawa da Yayana

Sani Bukuru: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da matsalar da ta kusa haɗa ni faɗa da Yayana, kuma na san akwai masu harkar masana'anta a nan. Muna da ɗan ƙaramin kamfanin abincin kaji a Bukuru, injin niƙa ɗaya, injin gauraya ɗaya. Kala uku muke yi: na masu ƙwai, na kajin nama, da na 'yan tsaki. Wanda ya fi fita shi ne na masu ƙwai, kusan buhu 60 a rana, mai kilo 25, kuma kwana shida muke buɗewa a mako. In muka sakar wa inji wannan kalar ita kaɗai, yana fitar da buhu 240 a wuni. Yadda nake yi yanzu, ina niƙa na kwana biyu, buhu 480, sai in juya zuwa wata kala, bayan kwana takwas in dawo. Yaya ya ce ɓarna nake yi, wai kowace sauyawa kuɗi take ci, a niƙa na kwana goma a jere, buhu 2,400, a huta. Ni kuma na ce ina za mu zuba, ɓangaren siton da muka ware wa wannan kalar buhu 1,000 yake ɗauka. Don Allah wa yake da gaskiya?

Alhaji Tanko: Wa alaikumus salam. Sani, wanda ya riga ka kwana ai ya riga ka tashi. Bi Yayanka kawai. Inji in ya ɗauki zafi ba a so a yi ta kashe shi ana kunnawa.

Nura Akanta: Alhaji, a yi haƙuri, wannan magana ce ta lissafi, ba ta girma ba. Akwai ƙa'idar da aka daɗe da fitarwa, tun 1913 wani Ba'amurke Ford Harris ya rubuta ta. Malam Sani, ba ni abu biyu: nawa kowace sauyawa take cin ku, kuma nawa ne kuɗin da ke kwance a cikin buhu ɗaya kafin a sa riba?

Sani Bukuru: Malam Nura, buhu ɗaya yana tsaya mana kamar ₦12,000. Sauyawa kuwa, bari in faɗi yadda take. In za mu dawo kan na masu ƙwai daga na kajin nama, dole a buɗe injin gauraya a share shi tas, a canza rariyar injin niƙa, sannan a tura tsurar masara ta wanke hanya, saboda maganin da ake sa wa na kajin nama ba a so ya shiga cikin na masu ƙwai. Rabin wuni ke tafiya. Man janareta kamar ₦25,000, leburori shida na rabin wunin ₦15,000, masarar wanki da muke karyar da ita ₦30,000, sai buhunan farko da gaurayarsu ba ta cika daidai ba, mu sake juya su ko mu rage musu kuɗi, kamar ₦20,000. Duka ₦90,000.

Nura Akanta: Madalla. Kwana 300 na aiki a shekara sau 60, buhu 18,000 ke nan. Kuɗin ajiya in sa kashi 25 cikin ɗari na darajar buhu a shekara, wato ₦3,000, kuma ban tsananta ba, don a ƙarshen 2024 kuɗin ruwan da Babban Banki ya tsayar ma ya kai kashi 27.5. Ga lissafin, Q buhunan da za a niƙa kafin a sauya, D abin da ke fita a shekara, S kuɗin sauyawa ɗaya, H kuɗin ajiye buhu ɗaya a shekara:

```
Q = √(2 × D × S ÷ H)
Q = √(2 × 18000 × 90000 ÷ 3000) = 1039
```

Buhu 1,039. Kai da Yaya duk kun kauce. Amma tunda sitonka 1,000 yake ɗauka, tsaya a 1,000, shi ke nan.

Ɗan'azumi: Ni dai shawarata ka saya da kaka. Watan Nuwamba ka shiga Mangu ko Saminaka ka loda masara, kar ka tsaya sayen buhu 480-480.

Sani Bukuru: Ɗan'azumi, ba sayen masara nake tambaya ba, wannan Yaya ya riga ya yi. Niƙawa nake nufi.

Ɗan'azumi: Au, to na fahimta. Amma zan dawo kan maganata, akwai abin da ya shafe ta.

Injiniya Bala: Sani, barka da ƙoƙari, ka kawo lambobi, ba kowa ke yin haka ba. Malam Nura ya kama hanya amma ya sauka kafin tasha. Lissafin da ya kawo na mai shago ne, wanda mota za ta zo ta sauke masa kaya gaba ɗaya, sito ya cika a sa'a guda, sannan ya fara raguwa. Kai ba haka kake ba. Buhunanka ba sa faɗowa sito a tare. Inji na zubo 240 a wuni, a wannan wunin kuma masu kaji sun zo sun kwashe 60. Abin da ke kwana a sito 180 ne. Wato cikin kowane buhu huɗu da ka ɗinke, ɗaya bai ma taɓa zama a sito ba, daga bakin inji sai bayan a-kori-kura.

Ɗauki buhu 1,200 ka gani. Niƙa su kwana biyar ne. Daren farko kana da 180, na biyu 360, haka har daren na biyar kana da 900. Nan ne ƙololuwa. Daga nan inji ya koma wata kala, tarin ya riƙa sauka da 60 kullum, kwana 15 ya ƙare. Ka niƙa 1,200 amma ba ranar da sitonka ya ga fiye da 900. Don haka maganar “ina za mu zuba” ba a auna ta da abin da aka niƙa, ana auna ta da abin da ya taru.

Sani Bukuru: Ikon Allah. Injiniya, ai kuwa haka ne. Ko 480 ɗin da nake yi ban taɓa ganinsu a jibge ba, na ɗauka yara ne ke ƙirga ba daidai ba.

Injiniya Bala: Ba su yi kuskure ba, 360 za ka gani. Kar ka kori kowa.

To tunda kashi uku cikin huɗu ne kawai ke taruwa, nauyin ajiya ya ragu, kuma in ajiya ta yi sauƙi, ya kamata a tsawaita niƙa fiye da abin da Malam Nura ya samu. Gyaran da ake yi wa lissafin ke nan, wani E. W. Taft ya ƙara shi a 1918:

```
Q = √( 2 × D × S ÷ (H × (1 − d/p)) )
d/p = 60/240 = 0.25
Q = √( 2 × 18000 × 90000 ÷ (3000 × 0.75) ) = 1200
```

Ƙaramin d shi ne abin da ke fita a rana, p abin da inji ke yi a rana. Amsar 1,200, niƙan kwana biyar, a dawo duk bayan kwana 20 na aiki.

Nura Akanta: Na karɓi gyara, Injiniya, na manta da cewa ana saye ana niƙa. Amma tsakani da Allah, 1,039 da 1,200, nawa ne bambancin a aljihu?

Injiniya Bala: Kaɗan ne, kuma gara da ka tambaya. Bai kai ₦30,000 a shekara ba. Inda ka yi ɓarna ba a lambar ba ne, a cewa da ka yi ya tsaya a 1,000 saboda sito. Da sito ya fi haka ƙanƙanta, a ce 700, da ka sa shi ya niƙa 700 alhali zai iya niƙa 930 ba tare da buhu ɗaya ya kwana a waje ba.

Bari in auna muku maganar Sani da ta Yayansa, don can kuɗin yake. A 1,200, sauyawa 15 ce a shekara, sau ₦90,000, ₦1,350,000. Sito kuma yana hawa daga babu zuwa 900 ya sauko, tsaka-tsakinsa 450, sau ₦3,000, shi ma ₦1,350,000. Ka lura sun yi kunnen doki. Ba dace ba ne, alamar ke nan cewa ka sauka daidai wurin, kuma da ita za ka riƙa gane ko ka kauce: in kuɗin sauyawa ya ninka na ajiya, kana yawan sauyawa, in na ajiya ne ya rinjaya, kana cika tari. Jimla ₦2,700,000.

Naka na 480, Sani, sauyawa 37 da rabi ce a shekara, ₦3,375,000. Ajiyarka ba ta da yawa, ₦540,000. Jimla ₦3,915,000. Na Yaya, 2,400, sauyawa bakwai da rabi, ₦675,000 kacal, amma tarin zai kai 1,800, ajiya ta ci ₦2,700,000, jimla ₦3,375,000.

Alhaji Tanko: To ba ga shi ba! Na Yayan ya fi na ƙanen sauƙi da rabin miliyan. Me na ce tun farko?

Sani Bukuru: Alhaji, kar ka bari Yaya ya ga wannan, ba zan sha ruwa ba a gidan nan.

Hajiya Rabi Rayfield: Ku tsaya, ku maza kuna ta lissafin kuɗi, ba wanda ya tambayi kaza. Ni ina da masu ƙwai 1,500. Bara cikin Agusta na sayi abinci wurin wani, ba zan kama suna ba, na buɗe buhu na ji wani wari-wari, ƙasan ya dunƙule. Yaron gona bai gaya mini ba ya ci gaba da zuba musu. Cikin mako ɗaya ƙwai ya faɗi, sai da na kusa wata kafin su dawo daidai. Da na bincika, abincin ya fi wata a siton mutumin. Kun san daminar Jos, bango ma gumi yake yi. Malam Sani, in ka bi na kwana goman nan, ni dai ka cire ni cikin masu sayenka tun kafin in fara.

Injiniya Bala: Hajiya ta kawo abin da lissafin bai sani ba. Shi lissafin yana ɗauka buhu zai iya zama shekara bai canza ba, kamar bulo. Amma za mu iya fitar da shekarun buhun daga lambobin nan. In ana fara sayar da wanda aka fara niƙawa, buhun da ya fi daɗewa shi ne na ƙarshen fitowa daga inji. A tsarin 1,200 zai jira kwana 15 na aiki, in ka sa Lahadi a ciki kamar kwana 17. A tsarin Yaya zai jira kwana 30 na aiki, mako biyar cur. Sannan dillali ya ajiye nasa, Hajiya ma ta ajiye nata. Ga kuma 1,800 a siton 1,000. Don haka Alhaji, a takarda na Yaya ya fi na Sani, a ƙasa kuwa ba ya yiwuwa.

Hajiya Rabi Rayfield: Kuma “in ana fara sayar da wanda aka fara niƙawa” ɗin nan, Injiniya, a bakinka ne kawai. Lebura na kusa da ƙofa yake ɗauka. Na can ƙurya sai ranar da Allah ya yi.

Sani Bukuru: Wannan gaskiya ne Hajiya. Mun fara rubuta kwanan wata da maka a jikin buhu, amma sai na tsaya a kansu.

Nura Akanta: Ina da ƙorafi kan ₦90,000 ɗin. Malam Sani, leburorin nan shida, in ba a yi sauyawa ba ranar, za ka biya su ko ba za ka biya ba? In albashin wata suke ci, ko an share inji ko ba a share ba kuɗin ya fita, bai kamata a ɗora shi kan sauyawa ba. Abin da ake sawa shi ne kuɗin da ba zai fita ba in ba a sauya ba.

Sani Bukuru: Biyu 'yan wata ne, huɗu kuma na kullum, ranar da inji zai yi aiki muke kiransu.

Injiniya Bala: Nan Malam Nura ya fi ni gaskiya, na karɓi lambar ban tambaya ba. Na mutum biyun a cire. Amma kar ya hana ka barci. Ko duka ₦15,000 ɗin ka cire, amsar daga 1,200 ta koma wajen 1,095 ne. Dalili, komai yana ƙarƙashin alamar √ ɗin nan, ita kuma tana danne kuskure. Sai kuɗin sauyawa ya ninka huɗu kafin yawan niƙa ya ninka biyu. Shi ya sa ban damu da a auna man janareta da cokali ba. Wanda ya kamata a auna da kyau shi ne 240 ɗin. Sani, wannan lambar daga ina ka samo ta? Daga littafin sito, ko daga bakin wanda ya sayar muku da inji?

Sani Bukuru: Gaskiya ranar da komai ya tafi daidai ne muke samun 240. Ranar da aka ɗauke wuta muka tsaya jiran mai, ko bel ya tsinke, ko rariya ta toshe don masara ba ta bushe sosai ba, 150 ma sai an yi da gaske.

Maman Ummi Kubwa: To ai in inji ba ya sauri sai a rage yawan da ake niƙawa ko? Ba zai iya 1,200 ba.

Injiniya Bala: Maman Ummi, haka hankali ke fara ba mutum, amma akasin haka ne. In inji na yin 150 ana kwashe 60, abin da ke kwana 90 ne kawai, tarin a hankali yake hawa. Tunda ba ya taruwa da sauri, ba abin da zai sa ka yi gaggawar kashewa ka sake biyan kuɗin sauyawa. Sa 150 a lissafin, zai ba ka wajen 1,340, niƙan kusan kwana tara, ƙololuwar sito kuma ta sauko wajen 800. Buhunan da ake niƙawa sun ƙaru, na cikin sito sun ragu. Inda abin ke ciwo shi ne kwanakin inji: da kwana biyar kake ba wannan kalar cikin 20, yanzu tara cikin 22. Sauran kala biyun ne za su ji a jikinsu.

Sani, buɗe littafinka na wata uku da suka wuce, tara duk buhunan masu ƙwai da aka niƙa, raba da kwanakin da inji ya yi a kansu, har da ranakun da aka sha wahala. Wannan ce p ɗinka.

Maman Ummi Kubwa: To ni nawa fa? Ruwan leda nake yi a nan Abuja. Injina na yin jaka 1,000 a wuni, da zafi ina sayar da 900. Kwana nawa zan yi in tsaya?

Injiniya Bala: Ke ba ki da tsayawa. Kala ɗaya kike yi, ba abin da za ki sauya zuwa gare shi, kuma abin da ke fita ya kusa cinye abin da inji ke yi. Duk lokacin da d ta matso kusa da p, lissafin sai ya yi ta ba da lamba mai girma, ma'anarsa kunna ki bar shi. Ranar da masu saye suka wuce 1,000 lissafin ma ya daina aiki, sai maganar ƙarin inji ko aikin dare.

Maman Ummi Kubwa: Aikin dare da wace wutar? Allah dai ya kyauta.

Ɗan'azumi: Yawwa, yanzu zan dawo kan maganata. Malam Nura ya ce ajiye buhu na cin ₦3,000 a shekara saboda jari ya kwanta. To Sani ya ce Yayansa ya riga ya sayi masara tun kaka. Kuɗin nan a kwance yake, ko an niƙa ko ba a niƙa ba. Masarar da ke cikin buhun abinci da wadda ke jibge a ɗaya siton, duk jari ɗaya ne. Me ya sa za ku caje shi kuɗin ruwa don kawai ta canza buhu? Ban da haka ma, a ƙasar nan wanda ya ajiye kaya ai riba yake ci, farashi hawa yake.

Nura Akanta: Ba kullum yake hawa ba, tambayi waɗanda suka ɓoye masara ta karye a hannunsu. Kuma ƙa'ida ita ce a yi lissafi da cikakken kuɗin buhu.

Ɗan'azumi: Ƙa'idar wa? Ni kuɗin da ya fita daga aljihu na sani.

Injiniya Bala: Ɗan'azumi, ka shigo da ƙafar hagu amma ka taka gaskiya. Rabin farko na maganarka daidai ne. In masarar tana nan ko ta yaya, niƙa ta da wuri bai ƙara kwantar da kuɗinta ba. Abin da ya ƙaru shi ne abin da ake saye lokacin niƙa: waken suya in ba a tara shi ba, dusa, sinadaran bitamin, buhu, mai, lada. Sai kuma lalacewa, don tsabar masara busasshiya tana jure ajiya fiye da gari da aka gauraya da mai da bitamin. Ta biyun kuwa ban yarda ba. In ana cin ribar tashin farashi, a masara ake cinta, ba sai ka mayar da ita abin da ke lalacewa ba.

A ce mun bi ka mun raba ₦3,000 biyu, ₦1,500. Amsar ta tashi zuwa wajen 1,700. Tarin zai kai 1,270, ya fi ƙarfin sito. Abin da siton 1,000 zai iya ɗauka shi ne niƙan 1,333, ba ƙari. Ka ga ko ka yi gaskiya, bango ya tsayar da mu kusa da inda muke.

Nura Akanta: Ni fa ban gamsu ba. Da ba don abincin ba, Yaya zai iya sayar da masarar ya juya kuɗin. Don haka tana da kuɗin ruwa.

Injiniya Bala: Tana da shi, amma a kan shawarar saye da kaka, ba a kan shawarar kwana nawa za a niƙa ba. Masarar da za a niƙa a shekara adadinta ɗaya ne ko ta wane tsari.

Nura Akanta: Sai in masarar ta kai shekara. In ta ƙare a watan Yuni suka koma saye mako-mako a Katako fa?

Injiniya Bala: To daga Yuni lissafinka ya dawo daidai, kuma lokacin ne damina, ga maganar Hajiya. Ka ga ke nan rani da damina ba lallai su zama lamba ɗaya ba. Wannan sai Sani ya duba yadda sayensu yake.

Alhaji Tanko: Duk kun manta abu ɗaya. Wa ya ce muku 60 ake saye kullum? Ni dillali ne, in na zo ba 60 nake ɗauka ba. Ranar da na samu mota mai zuwa Bauchi ko Lafiya, 300 zan ce a loda mini. In na tarar sito ya kusa ƙarewa saboda Injiniya ya ce a jira kwana 15, gaba zan yi.

Sani Bukuru: Wannan na faruwa. Sittin ɗin tsaka-tsaki ne. Akwai ranar 30, akwai ranar 100. Masu ɗaukar 300 ba su da yawa, kuma yawanci suna bugo waya kwana biyu kafin su zo.

Injiniya Bala: Alhaji ya taɓo inda lissafin ya fi rauni. Yana ɗauka ana saye kamar ɗigon famfo, kuma ana kunna inji daidai lokacin da buhun ƙarshe ya fita. Ba mai hankalin da zai yi haka. Bambancin 30 da 100 ba matsala ba ne, yana wanke kansa cikin mako. Abin da za ka yi, ka ajiye na ko-ta-kwana, a ce cinikin kwana biyu, buhu 120, ranar da sito ya sauko nan ka fara share inji. Amma ka lura da abin da wannan ya jawo: 120 na ƙasa, 900 ya hau kai, 1,020. Ka wuce sito da buhu 20.

Shi ya sa in ni ne kai, kwana huɗu zan yi, buhu 960. Tarin 720, da na ko-ta-kwana 840, akwai wurin wucewa tsakanin layuka, buhu bai jingina da bango ba. Kuɗinsa a shekara ₦2,767,500, wato ₦67,500 kawai sama da na 1,200, kuma ya fi abin da kake yi yanzu sauƙi da fiye da miliyan ɗaya. Buhun da ya fi daɗewa kwana 14 na aiki, in an haɗa da na ko-ta-kwana. Mai 300 kuma, tunda yana bugo waya, a ƙara masa wuni ɗaya a kan niƙan da ke tafe, kar a sa shi cikin 60.

Hajiya Rabi Rayfield: Kwana 14 na yarda. A ɗora kan katako dai, kar a ajiye a siminti.

Nura Akanta: Saura kala biyun fa? In na masu ƙwai na dawowa duk kwana 16, na kajin nama lissafinsa ya ce duk kwana 23, na 'yan tsaki ya ce 30, wata rana biyu za su nemi inji a tare.

Injiniya Bala: Za su nema kuwa, kuma wannan lissafin ba ya warware ta, don shi kala ɗaya ya sani. Abin da muke yi a aikace, a zaɓi zagaye ɗaya duk su bi, kowace kala a niƙa mata abin da zai kai ta zagayowa. Wadda ba ta fita sosai a riƙa yinta zagaye ɗaya a tsallake ɗaya. Kuma jerin yana da tasiri, don ba kowace sauyawa ke cin ₦90,000 ba, fitowa daga mai magani zuwa na masu ƙwai ita ce mai tsada. Sani, kawo cinikin ɗaya biyun na rana da abin da inji ke yi a kansu, da wace sauyawa ce ke buƙatar masarar wanki, mu gani ko za su shiga cikin kwana 16 har da rabin wuni uku na shara. In p ɗinka ta gaskiya ta fi kusa da 150, ina shakka.

Sani Bukuru: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Littafin yana wurin Yaya, gobe in sha Allahu zan karɓo in ƙirga. Na nuna masa maganar kwana huɗu yanzu, ya ce shi bai ƙi ba amma biyar, wai buhu 20 ai ko a ofis a zuba su.

Hajiya Rabi Rayfield: Ofishin da rufinsa ke yoyo? Na taɓa shiga fa.

Sani Bukuru: An gyara, Hajiya. Injiniya, in na kawo lambobin da yamma kana nan?

Injiniya Bala: Bayan Isha'i. Ka haɗo da ranakun da inji ya tsaya, kar ka tsallake su.